Sharhi: wata huɗu ina kwana a gado mai gangara saboda ƙwannafin dare

Aikina ba ya sakina da wuri. Yawanci sai wajen ƙarfe goma na dare nake shiga gida, in zauna in ci abin da ya kamata in ci tun rana, mai maiƙo kuma mai yawa, kafin sha ɗaya na bi lafiyar gado. Wajen ƙarfe biyu sai in farka ƙirjina na zafi kamar an zuba garwashi, wani ruwa mai tsami ya taso har maƙogwaro, ga tari busasshe. Da safe muryata a dishe. Ƙwannafi ke nan, kuma na shekara biyu ina fama da shi kafin in sayi kayan da zan yi magana a kansu: matashin soso mai gangara, da kuma takalman ɗaga ƙafar gado guda biyu.

Likitan da na gani ne ya fara yi mini bayanin abin. Ya ce a inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai kama da zobe, aikinta ta rufe ƙofa bayan abinci ya wuce. Idan tumbi ya cika ya bunƙasa, tsokar takan riƙa saki, abinci mai maiƙo kuma yakan daɗe bai bar tumbin ba. Da rana mutum yana tsaye, ko asid ya hau zai koma ƙasa da kansa, yawu kuma ya wanke sauran. Da dare kana kwance shame-shame, yawu ya ragu, ba ka haɗiya sosai, sai asid ɗin ya samu wuri ya kwanta a bututun. Shawararsa ita ce in ɗaga kan gado da santimita 15 zuwa 20, in kuma bar kamar awa uku tsakanin cin abinci da kwanciya. Na kama ta farko na yi biris da ta biyu, don ita ce ba a saya da kuɗi.

Kafin nan na gwada tara filo uku. Kar ma ka fara. Filo wuyanka da kafaɗarka kawai yake ɗagawa, jikinka ya lanƙwashe a ciki, cikin ya matse, abin da kake gudu ya ƙara tasowa, ka tashi da ciwon wuya a kan na ƙirji.

Matashin da na saya tsayinsa santimita 18 ne a wajen kai, tsawonsa kuma santimita 60. Kwana uku na farko yana warin sabon soso, sai da na bar shi ya sha iska. Ranar da na fara kwana a kai ban farka da ruwan tsami ba, kuma hakan ya ci gaba yawancin darare. Amma gajartarsa ta dame ni. Santimita 60 a tsakiyar bayana yake ƙarewa, bai kai ƙugu ba, ga gangarar da tsauri, kusan digiri 17. Idan na kwanta rigingine ba laifi. Ni kuwa so nake in kwanta ta gefen hagu, domin a wannan kwanciyar mahaɗar bututu da tumbi tana zama sama da inda ruwan ciki ya taru, ta dama kuwa akasin haka ne. To da na juya hagu sai bakin matashin ya tokare ni a haƙarƙari, kwankwasona ya rataye. Ga zamewa: in kwanta a sama, asuba ta same ni a gindinsa, kaina kaɗai ke kan gangarar, wato na koma gidan jiya na tara filo. Sa ƙaramin filo a ƙarƙashin gwiwa ya rage zamewar, bai hana ba. Wanda duk zai sayi irin wannan matashi ya auna daga kansa zuwa ƙugunsa tukuna, ya nemi mai wannan tsawon ko fiye. Da na san haka da ban ɗauki nawa ba.

Bayan mako uku na koma kan takalman gado. Wasu ƙananan tubala ne na roba mai tauri, tsayin kowanne santimita 15, da rami a sama inda ƙafar gado ke zama. Ƙafafu biyu na wajen kai kaɗai ake sa wa. Da yake tsawon gadon ya kai santimita 190, gangarar ba ta kai digiri 5 ba, kuma jiki gaba ɗaya yana miƙe, babu inda ya lanƙwashe. Ina juyawa hagu yadda nake so. A dare na uku na daina jin cewa gadon a karkace yake.

Sai dai akwai abin da takardar cikin kwalin ba ta faɗa ba. Gadona yana da ƙafa ta biyar a tsakiya, mai tallafe katakon da ke ɗauke da katifa. Da na ɗaga kan gadon sai wannan ƙafar ta rabu da ƙasa tana reto, ni ban lura ba. Kwana biyu gadon na ƙara duk lokacin da aka motsa, tsakiyar katifa kuma ta fara lotsawa. Da na leƙa da tocila na gane. Tunda ƙafar a rabin tsawon gadon take, rabin tsayin take buƙata, sai na sa mata guntun katako mai kaurin santimita 7 da rabi, ƙarar ta ɗauke. Gado mai taya kuma ban ba da shawarar a ɗora shi a kan waɗannan ba sai an cire tayoyin. Katifa ma takan sulale ƙasa kaɗan-kaɗan idan gadon ba shi da allon ƙafa, duk bayan 'yan kwanaki sai na tura ta sama. Maiɗakina, wadda ba ta da ƙwannafi, ta yi mita mako guda cewa an mayar da ita mai kwana a gefen dutse, daga baya ta saba.

Na riƙa rubuta dararen da na farka a ɗan littafi. Kafin in ɗaga gado, dare huɗu ko biyar a mako. Da takalman ya dawo ɗaya ko biyu. Da na duba waɗannan ɗaya ko biyun, kusan dukkansu darare ne da na cika ciki bayan ƙarfe goma na kwanta nan take. Gangara tana taimaka wa asid ya koma da sauri, amma ba ta ɗaure tsokar nan, ba ta kuma rage abin da ke cikin tumbi. Dole na koma kan shawarar da na ƙi ji: yanzu ina tafiya da abincina wurin aiki in ci babban rabon wajen ƙarfe bakwai, idan na dawo in taɓa abu mara nauyi. A watan da ya wuce sau biyu kawai na farka.

Likitan ya ja mini kunne a kan wasu alamu da ɗaga gado ba ya maganinsu: abinci ya riƙa maƙalewa wajen haɗiya, rama ba dalili, aman jini, baƙin bahaya, ko ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi tare da gumi, wanda zai iya zama zuciya ce. Waɗannan asibiti ake nufa da su ba jira.

Takalman na ba su huɗu cikin biyar, na cire ɗaya saboda shirun da suka yi a kan ƙafar tsakiya. Matashin biyu da rabi. Ban yar da shi ba, shi nake sawa a mota idan zan kwana a gadon da ba nawa ba.