Tikiti biyu a kujera ɗaya: wasiƙa daga Bristol

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara duka. A gaishe min da mutanen gida.

Na ga saƙon da ɗanmu ya turo, har da hoton manhajar da ta nuna masa zai iya rage kuɗin jirgin ƙasa daga Landan zuwa nan Bristol idan ya yanki tikiti biyu maimakon ɗaya. Ya ce kai ka hana shi, wai abin ya yi maka kama da zamba. Ba zamba ba ce, Yaya. Dokar jiragen ƙasan Birtaniya ta yarda da shi ƙarara, ni ma ina yi kusan duk wata. Amma akwai sharuɗɗan da manhajar ke rubutawa da ƙananan baƙaƙe, kuma ina so ya san su tun kafin ya sauka a ƙasar nan, domin ni sai da na biya kuɗi kafin na koya.

A gida, idan ka shiga mota a Unguwa Uku za ka Kaduna, kuɗin da ka biya na Kaduna ne. Idan kuma ka sauka a Kwangila ka sake wata motar, yawanci sai ka kashe fiye da wanda ya tafi kai tsaye. Hankali ma abin da ya ba mu ke nan. Nan kuwa sau da yawa akasin haka ake samu. Tun da aka raba harkar jirgin ƙasa ga kamfanoni a tsakiyar shekarun 1990, kowace tafiya tsakanin tasha biyu akwai kamfanin da ke sa mata farashi, kuma ba da nisan hanya kaɗai ake auna shi ba. Ana duba yawan masu bin hanyar da lokacin da suke bi. Ga kuma tsadar safiya, lokacin da ma'aikata ke tururuwa. Idan ka tashi cikin wannan lokaci da tikiti ɗaya, kuɗin tsada za ka biya tun daga farko har ƙarshe, ko da rabin tafiyar ya faɗo bayan an saki farashi. Idan ka raba, ɓangaren farko ne kawai zai ci ka da tsada.

A hanyarmu wurin da aka fi rabawa shi ne Didcot Parkway. Sai ka yanki ɗaya daga Paddington ta Landan zuwa Didcot, ɗaya daga Didcot zuwa Bristol Temple Meads. Ba ka sauka ba, ba ka sake jirgi ba, wani lokaci ko kujera ba ka canza ba. In mai duba tikiti ya zo ka nuna masa duka biyun, ya wuce.

Sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wannan: dole jirgin da ka hau ya tsaya a tashar da tikitin farko ya ƙare na biyu ya fara. Wucewa ta cikinta bai isa ba. Sai ya tsaya, an buɗe ƙofa. Duk jiragen Landan zuwa Bristol ta Didcot suke ratsawa, amma ba duka ke tsayawa ba. Wasu daga Reading sai Swindon.

Wannan shi ya kama ni a hunturun farko da na yi a nan. Na je suna a Landan, ina riƙe da tikiti biyu masu tambarin Off-Peak, irin waɗanda ba a ɗaure su da jirgi guda ba. Taro ya tashi da wuri, na iso tasha na tarar da jirgin Bristol yana shirin tashi, rabin awa kafin wanda manhaja ta zaɓa min. Na ce ai tikitina na kowane jirgi ne, na shiga. Bayan mun bar Reading mai duba tikiti ya iso. Ya duba, ya tambaye ni ko na san jirgin nan ba ya tsayawa a Didcot. Ban sani ba. Ya yi min bayani cikin mutunci, ya yankar min wani tikitin, kuma abin da na biya ya cinye ragin da na samu har ya taɓa aljihuna. Sauƙi ma ya yi min. Tun watan Janairun 2023 tarar tafiya ba tare da ingantaccen tikiti ba a Ingila fam 100 ce, ban da kuɗin tafiyar, tana komawa fam 50 idan ka biya cikin kwana 21. Kuma a nan babu maganar “yi haƙuri, ban sani ba” irin wadda kwandastan gida zai saurara ya yafe. In ya ga dama ya rubuta, ya rubuta, da sunanka da adireshinka.

Gane wannan ba wuya. Allon da ke tasha yana jero duk inda jirgi zai tsaya, a ƙarƙashin kalmomin Calling at. Ka gaya wa ɗanmu ya tsaya ya karanta jerin har ƙarshe. In bai ga sunan tashar da ke kan tikitinsa biyu ba, wannan jirgin ba nasa ba ne, ko da an rubuta Bristol da manyan baƙaƙe.

Sai maganar tikitin Advance, wanda shi ne mafi arha, kuma shi manhajojin nan suka fi haɗa wa mutum. Wannan an ɗaure shi da jirgi ɗaya, rana ɗaya, lokaci ɗaya. In ka fasa tafiya don raɗin kanka ba a mayar maka da ko sisi. Ana iya canza lokaci kafin jirgin ya tashi, amma akan caji har fam 10 a kan kowane tikiti, sannan ka cika bambancin farashi. Ka lura da kalmar “kowane”. A ce tafiyar an raba ta uku, an rage maka fam 14. Ranar tafiya ta matso, malaminsa ya ɗage lacca, dole ya bi jirgin yamma. Mai tikiti ɗaya fam 10 zai bayar. Shi kuwa yana iya bayar da 30, kuma dole a samu gurbin Advance a duka ɓangarori ukun a jirgi guda, abin da ba kullum ake samu ba. Ragin 14 ya zama asarar 6 tun kafin a zo kan bambancin farashi. Shi ya sa ni ba na rabawa sai tafiyar da na tabbata ba za ta motsa ba.

Wani tikitin kuma na kamfani ɗaya ne kawai, za ka ga sunan kamfanin a jikinsa da kalmar only. A hanyar da kamfanoni biyu ko uku ke bi, kamar Landan zuwa Birmingham, mutum na iya riƙe tikiti biyu kowanne da nasa kamfanin, ya hau jirgin da ɗaya kawai ya halatta masa. Kujera ma haka. Kowane ɓangare da lambar kujerarsa, sai ka ga an tashe ka a tsakiyar hanya da akwati biyu kana neman wani tarago.

Yanzu abin da na san kai ka fi tsoro: idan jirgin farko ya makara, na biyu ya tafi ya bar shi fa? A gida mun san yadda juye yake. Direba ya sauke ka a hanya, ya miƙa ka ga wata mota, in an yi rashin sa'a ka biya sau biyu. A nan, a wannan gaɓar kam, sun fi mu tsari, kuma mutane da yawa ba su sani ba. Idan tikitocin a jere suke, wannan ya ƙare inda wancan ya fara, ana ɗaukar su tafiya ɗaya. In jinkirin jirgi ne ya sa ka rasa na gaba, za a bar ka ka bi wanda ke biye ba tare da sabon tikiti ba, ko da Advance ne. Amma da sharaɗi: sai ka bar tazarar da aka ƙayyade wa tashar don canza jirgi. Yawancin tashoshi minti 5 ne, manya sun fi haka, Birmingham New Street minti 12 ce. Wanda ya haɗa tikitocinsa da hannunsa ya bar minti 7 a can, in ya rasa jirgi, kansa ya jawo wa. Kuma kariyar ba ta shafi makarar bas ko tasi da ya kawo ka tasha ba.

Akwai kuma diyyar jinkiri da suke kira Delay Repay, wadda ni har yau take burge ni. Ka isa a makare da minti 30 zuwa 59, a mayar maka da rabin kuɗin tafiyar zuwa. Awa ɗaya ko fiye, duka. Kamfanoni da yawa tun daga minti 15 suke fara biyan kashi ɗaya cikin huɗu. Ana nema cikin kwana 28, a wurin kamfanin da jirginsa ya jawo jinkirin. Mai tikiti biyu sai ya kula ya tura su tare a matsayin tafiya ɗaya. A ce ɗaya fam 18 ne ɗaya 22, ka isa da jinkirin minti 70. Haƙƙinka fam 40 ne. In na biyun kawai ka ɗora, 22 za a lissafa maka, wani lokaci ma na'urarsu ta ce ɓangaren da ka tura bai makara ba ta ƙi biya, sai ka ɗaukaka ƙara ka yi bayani da rubutu. Kada ya goge tikiti ko ya jefar da shi sai kuɗin sun shigo.

Abu ɗaya nake roƙonka, Yaya, kuma shi ya fi damuna. Kada a ɗauki wannan dabara a kai ta kan jirgin sama. Na ji ana cewa zai fi arha a yankar masa Kano zuwa Alƙahira daban, Alƙahira zuwa Landan daban. A jirgin sama babu waccan kariyar. Tikiti biyu ciniki biyu ne, kamfani na biyu ba ruwansa da makarar na farko. In bai iso ba za a rubuta bai zo ba, kuma yawanci sauran tikitin, har da na dawowa, ya mutu. Kayansa ma ba lalle a wuce masa da su ba. Yana iya zama dole ya fita ya karɓa ya sake aunawa, fita kuwa na nufin ratsa jami'an shige da fice, su kuma biza za su tambaya. Yaro mai fasfon Najeriya, tafiyarsa ta farko, shi kaɗai da dare a ƙasar da bai sani ba. A yanka masa tikiti ɗaya mai lambar ajiya ɗaya tun daga Kano har Landan, in kuɗin bai kai ba ni zan cika.

Ranar da zai sauka ma kada ya sayi Advance, domin layin shige da fice a filin jirgin sama na Heathrow ba ya da tabbas, kuma jinkirin jirgin sama ba hujja ba ce a wurin masu jirgin ƙasa. Ka turo min ranar da lambar jirgin, zan je in tarbe shi da kaina, mu dawo tare in nuna masa allon nan a Paddington.

Ƙaninka, daga Bristol.