Jerin da ke saukowa a akwatin Google da jerin ƙasan shafi: wanne ya fi amfani ga mai abincin oda a Kumasi?

"Ina dafa wake da shinkafa da tuwon zafi na oda a Aboabo, na suna da na biki. Na buɗe shafi amma ba ni da kuɗin sayen manhajar nemo kalmomin da masu saye ke rubutawa a Google. An ce in duba abin da Google ke kawowa idan ina rubutu, wasu kuma sun ce in duba na ƙasan shafi. Wanne zan bi?"

Hajiya, aikinsu ba ɗaya ba ne. Jerin da ke saukowa lokacin da kike rubutu yana ƙarasa miki abin da kika fara ne, galibi ba ya nisa da kalmarki. Idan kin rubuta `waakye`, zai ƙara mata wutsiya, irin su `waakye recipe` ko `waakye near me`. Na ƙasan shafi, wanda ke fitowa da suna Related searches ko People also search for, shi yana iya sauya kalmar gaba ɗaya, ya nuna miki wata hanyar da mutane ke bi su nemi abu guda.

Shi ya sa ni zan ce ki fara da na ƙasan. Ke a ranki sana'arki dafa wake da shinkafa ce, amma matar da za ta yi suna ranar Lahadi a Asawase wataƙila ba sunan abincin take rubutawa ba, mai dafa abincin taro take nema. Ki rubuta `waakye Kumasi`, ki gangara ƙarshen shafi, ki kwafe abin da kika gani a littafi. Ki danna ɗaya, ki sake gangarawa. Sau biyu ko uku ya isa, don bayan haka yakan kauce ya kai ki otal-otal da wuraren shaƙatawa. Abin da kike farauta shi ne tushe biyu ko uku, misali `catering services` da `food delivery`.

Da tushen ya samu, sai jerin akwatin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ki rubuta `catering services in Kumasi`, ki bar tazara, ki sa harafi ɗaya ki tsaya, kada ki danna nema. Ki goge, ki sa na gaba: a, b, c har ƙarshe. Haruffa da yawa ba za su ba da komai ba, wasu kuma za su fito da unguwa ko tambayar farashi. Sannan ki mayar da alamar rubutu farkon layin ki sa `how much` ko `cheap`, ki ga abin da zai sauko. Ki gwada rubutun yadda mutanen Gana ke yinsa, `tuo zaafi` da `TZ`, domin rubutun Hausa tsantsa sau da yawa ba ya kawo komai, ko ya kawo abin da ya shafi Najeriya.

Jerin akwatin yana da tarko guda da ke kama masu farawa: yana gauraya binciken da ke da kanki kika taɓa yi. Idan kin ga alamar agogo a gefen layi, naki ne, ba na jama'a ba. Ki buɗe Incognito a Chrome tukuna, wato tagar da ba ta amfani da tarihin bincikenki, ki kashe VPN idan kina da shi, domin tun 2017 Google yana duba inda wayar take ne wajen zaɓar ƙasa, ba adireshin Google da aka rubuta ba.

Jerin akwatin da na ƙasan shafi dukansu ba sa faɗin yawan masu nema, kuma wanda ya zo a sama ba lallai shi ne ya fi jama'a ba. Google Trends kyauta ne, yana gwada kalma da kalma a ma'aunin 0 zuwa 100 idan kin zaɓi Ghana, sai dai ƙananan kalmomi irin na unguwa yakan nuna babu isassun bayanai.

Tacewa ita ce babban aikin. Kowace kalma da kika tara, ki neme ta ki kalli shafin farko. Idan bidiyon koyon girki ne suka cika shi, kamar yadda za ki gani a `waakye recipe`, masu son dafawa da kansu ne, ba za su ba ki oda ba, komai yawansu. Idan taswira ce ta fito da lambobin waya da farashi a sidi, masu saye ne. Waɗannan ki zaɓi uku, ki sa kowacce a kan shafi nata, tare da sunayen unguwannin da kike kai abinci da farashin kula ɗaya.