Littafin miƙa aiki ko saƙon WhatsApp: wanne ne ke riƙe ƙorafin baƙo har gari ya waye?

"Assalamu alaikum yayyena. Wata biyu ke nan da na fara aikin dare a risefshan na wani otal a nan Gombe. Wanda ya koya mini aiki ya ce in riƙa rubuta matsalolin baƙi da ban gama da su ba a littafi kafin in tashi, su kuma abokan aikina saƙon murya suke turawa a guruf ɗinmu na WhatsApp, sun ce littafi tsohon yayi ne. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka bi maganar wanda ya koya maka aiki, amma kada ka jefar da wayar, domin akwai aikin da take yi wanda littafi ba zai iya ba. Na daɗe a kan wannan kujera da kake kai, kuma na gwada hanyoyin duka biyu. Bari in ɗauko maka dare guda, mu duba yadda kowacce ta riƙe shi.

Daren Asabar ne, ana biki a gari, ɗakuna sun cika. Wajen sha biyu saura kwata wani dattijo ya sauka shi da iyalinsa daga Bauchi, na ba shi ɗaki na 7. Kuɗin kwana naira 25,000, ya miƙo kati, na sa a POS, na'urar ta fitar da takarda da DECLINED a jiki, shi kuma alat ya shigo masa an cire kuɗi. Ya nuna mini wayarsa, ga shi baro-baro. Da tsakar dare babu kashiya, babu manaja, babu wanda zai iya duba asusun otal. Na ce masa: "Baba, ku je ku kwanta, ba wanda zai tambaye ku kuɗi sai kashiya ta duba asusu da safe." Ƙarfe biyu kuma baƙon ɗaki na 14 ya bugo, iyakwandishan na ɗiga ruwa a kan gado, ga shi babu ɗakin da zan mayar da shi. Sai kuma ɗaki na 22, wanda ya roƙi a samo masa mota zuwa filin jirgi na Lawanti ƙarfe tara.

Da ƙarfe bakwai ta yi, ido ya yi nauyi, na danna waya na yi magana ta kusan minti uku. Na fara da gaisuwa, na ba da labarin yadda aka ɗauke wuta aka tayar da janareto, na yi zancen 'yan biki da suka dawo da hayaniya, can wajen ƙarshe na ce: "Sai kuma wani Baba da POS ta cire masa kuɗi, a duba, da esi ɗin sama da ke yoyo." Na tafi gida na kwanta na kashe waya.

Wadda ta karɓe ni ta iso ta tarar da mutane a tsaye suna jiran mayar da makulli. Babu yadda za a yi ta kara waya a kunne minti uku baƙi na kallonta. Ta saurari rabi ta ajiye. Da dattijon nan ya fito da iyalinsa ƙarfe takwas, ta duba rajista ta ga ɗaki na 7 babu biya, ta tambaye shi kuɗi a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ita ba ta yi laifi ba, aikinta ta yi. Ni ne na yi alkawari da sunan otal, na bar shi a inda ba za ta gan shi ba. Har yau idan na tuna yadda aka ce mutumin ya yi shiru ya sunkuyar da kai, abin yana damuna.

To ga yadda wannan dare ya kamata ya kwanta a littafi, kuma haka nake yi tun daga ranar:

Ɗaki 7, 11:45 na dare. Kuɗin kwana 25,000. POS ta ce DECLINED, amma an cire wa baƙo, na ga alat da idona. Takardar POS na maƙale a wannan shafi. Na yi masa alkawari ba za a nemi kuɗi ba sai kashiya ta duba asusu. Kada a tambaye shi kafin nan. Aikin kashiya, kafin 9:00.

Ɗaki 14, 2:10 na dare. Esi na ɗiga a kan gado. Na kashe, na kai fanka da sabon zanin gado. Na ce masa mai gyara zai zo kafin 10:00, in bai gyaru ba a canja masa ɗakin farko da aka saki. Zai ƙara kwana ɗaya. Ban yi masa maganar rangwame ba.

Ɗaki 22. Yana son mota zuwa Lawanti 9:00. Ban samu direba ba tukuna. A kira da zarar an karɓi aiki.

Ka ga bai fi layi goma sha biyu ba, ana karanta shi a tsaye cikin minti ɗaya. Babu zancen janareto ko hayaniyar 'yan biki, saboda waɗannan sun wuce, babu abin da mai safe zai yi a kansu. Abin da aka gama yana da nasa wurin a rahoton dare, wannan shafi na abin da ya rage ne kaɗai. Kuma kowane abu ya fara da lambar ɗaki, domin baƙo in ya zo kanta, lambar ɗakinsa ce za a fara tambaya, ido sai ya faɗa kai tsaye. A saƙon murya kuwa sai an sake saurare daga farko ana laluben inda aka ambaci "wani Baba".

Layin da ya fi kowanne nauyi shi ne na alkawari. Sababbin ma'aikata kan rubuta matsalar su tsaya: esi ya lalace, ruwan zafi bai zuwa. Baƙo kuwa ba matsalar yake riƙewa a kai ba, abin da ka faɗa masa yake riƙewa. In ka ce goma, goma da minti biyar zai sauko. Shi ya sa nake rubuta har abin da ban yi alkawarinsa ba, kamar maganar rangwamen nan, saboda wani baƙon zai ce wa mai safe "ai na dare ya ce za a rage mini", ita kuma ba ta da abin da za ta tantance da shi in ba rubutunka ba.

Batun POS ɗin nan ka fahimce shi sosai, domin zai riƙa maimaituwa. Idan takarda ta ce DECLINED, galibi kuɗin bai shiga asusun otal ba, ya maƙale ne a hanya, kuma bankin baƙo ne zai mayar masa. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020 ta ce a warware irin wannan cikin awa 72. Wato baƙon da zai bar gari da azahar ba lalle kuɗinsa ya dawo kafin ya tafi ba, kuma in kashiya ta duba ba ta ga kuɗin ba, sai an lallashe shi ya sake biya. Abin da zai kai bankinsa shi ne wannan 'yar takarda, mai ɗauke da lokaci, adadin kuɗi da lambar RRN, wato lambar da banki ke bin sawun cinikin da ita. Rubutunta kuma yana dusashewa in ta sha zafi ko rana, don haka ka kwafi RRN ɗin da biro a gefen shafi, ka maƙala takardar, a ba baƙo tasa. Saƙon murya ba ya riƙe takarda.

Yanzu inda waya ta fi. Littafi yana kan kanta, ba ya tafiya. Mai gyaran esi yana gidansa a Tumfure ko Pantami, ba zai ga shafinka ba sai ya iso, wataƙila ya iso ba tare da kayan aikin da ake buƙata ba. Amma in ka ɗauki hoton inda ruwa ke ɗiga ka tura masa bayan sallar asuba, zai gane ko bututun fitar da ruwa ne ya toshe, ya taho da shirinsa. Haka manaja, in abu ya shafi tsaro ko baƙo ya kwanta ciwo, ba a jira littafi, kira ake yi nan take. Waya kuma tana buga lokaci da kanta, ba a cewa daga baya aka ƙara.

Sai dai tana da ramuka. Wanda ya tura saƙo zai iya goge shi ga kowa har bayan kwana ɗaya, rubutaccen saƙo kuma ana iya gyara shi cikin minti goma sha biyar. Littafi mai ɗinki, wanda aka sa wa shafukansa lamba, in an yage ganye kowa zai gani. Data na ƙarewa, caji na mutuwa, saƙonka na nutsewa a ƙarƙashin barka da Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. Alamar shuɗi ma ba ta nuna cewa mutum ya ɗauki nauyin aikin, a guruf mai mutum ashirin kowa yana zaton wani zai yi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sirrin baƙi. Sunan mutum da lambar ɗakinsa da lokacin da ya shigo, in suka shiga guruf sun shiga wayoyin ma'aikata, har da wanda ya bar aiki aka manta ba a cire shi ba. Amana ce tun kafin doka, yanzu kuma ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023. In har za ka tura wani abu, lambar ɗaki da matsalar sun isa, ban da suna, ban da hoton katin shaida ko na banki.

Shi ma littafin yana mutuwa in ba a kula ba. Za ka gane ya mutu idan ka buɗe ka ga "ba matsala" kwana biyar a jere alhali baƙi na ta ƙorafi, ko ka ga abu ɗaya yana dawowa kullum babu wanda ya soke shi. Maganinsa, ka riƙa rubutawa a lokacin da abin ya faru, kada ka bari sai bakwai saura lokacin da barci ya ci ƙarfinka. Wanda ya gama wani abu ya ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta na ƙasa, ya sa lokaci da sa hannu. Abin da ya kwana bai gyaru ba a sake kwafo shi zuwa sabon shafi da ranar da ya fara, don manaja ya ga ɗaki na 14 yau kwana uku. Kuma a ajiye littafin a aljihun tebur, kada a bar shi a buɗe inda baƙo zai leƙa.

Na ƙarshe, kada ka ajiye ka fice. Ka jira mai karɓarka, ku tsaya tare minti biyar, ta karanta a gabanka, ta tambayi abin da ba ta gane ba, ku ƙirga makullai da kuɗin da ke aljihun tebur, ku sa hannu ku biyu. In ta makara kuma dole ka tafi, a nan ne za ka tura mata rubutaccen saƙo ita kaɗai: "Abu uku na shafi na 41, ki fara da ɗaki 22, motarsa ƙarfe tara ce." Ka bar wayarka a kunne na awa ɗaya ko da za ta nemi ƙarin bayani.