Makullin kabad mai maganaɗisu: yana tare yaro, amma a kula da gam ɗinsa

Tun da autana ya fara rarrafe, kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya zama wurin zuwansa, kuma nan ne bilic da maganin wanke banɗaki suke. Shi ya sa na sayi irin makullin nan da ake liƙawa ta cikin ƙofa, ba a ganinsa daga waje. Sai ka ɗora ɗan maganaɗisunsa a daidai wurin, ka ji ƙas, sannan ƙofa ta buɗe.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙofar ba ta ko motsi. Irin na roba mai ƙugiya yakan bar 'yar kafa da hannun yaro zai shiga, wannan kuwa babu. Yaron ya ja, ya ja, da ya ga ba ci sai ya daina zuwa.

Rauninsa gam ne. Ƙarƙashin famfo ba ya rabuwa da danshi, ga maiƙo a jikin katako. Dole a goge wurin da sifirit, ya bushe ƙarau, a danna makullin sosai, a bar shi awa 24 kafin a fara ja. Duk da haka na ɗaya ƙofar ya fara saki. Alamar ita ce ƙofa ta riƙa ɗan girgiza, in ka leƙa ka ga gefen makullin ya ɗaga. Na ɗaure shi da sukurun da suka zo a kwalin, tun daga nan bai sake motsi ba. Ni dai shawarata, a sa sukurun tun farko. Akwai kuma ɗan maɓallin da ke kashe makullin lokacin aiki, a riƙa dubawa an mayar da shi. Maganaɗisun ma a ajiye shi can sama.

Makulli dai ba ya tare abin da aka fito da shi waje. Bilic da nake sirkawa da ruwa don goge-goge, robar feshi ta musamman na ware masa, na liƙa takarda mai suna da ranar da na haɗa, domin sirkakken bilic ƙarfinsa na raguwa bayan kwana ɗaya. Ɗigon bilic yana cinye tawada, don haka nake rufe rubutun da farin salatif. Sauran kayan kuwa suna cikin robobinsu na asali, saboda bayanin sinadaran da likita zai nema yana jiki. Don Allah kada a juye su a robar ruwan sha ko ta lemo, yaro bai iya karatu ba, siffar roba ya sani.

A cikin kabad ɗin ma na raba bilic da maganin banɗaki mai asid, kowanne da kwandonsa, don in suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa, mai shaƙe numfashi. Wanda ke da kabad a sama, ya mayar da waɗannan biyun can, ya kuma sa makullin.