Fenti ko haske: wanne za a fara kashe wa kuɗi kafin a sa gida a kasuwa?

"Zan sayar da gidana mai ɗaki uku da falo. Mutum biyu sun zo sun gani, ba wanda ya dawo. Ɗan kuɗin da na ware ba zai isa in yi komai da komai ba. In sake fenti ne, ko in gyara fitilu da labule?"

'Yar'uwa, a ganina ki fara da haske. Ba don ya fi fenti tasiri ba, a'a. Sabon fenti ya fi canza kamannin gida nesa ba kusa ba. Dalilina shi ne haske ya fi araha, ana gama shi a yini ɗaya, kuma shi ne zai nuna miki bangon da yake bukatar fenti da wanda wanki kawai yake so.

Ta ɓangaren haske, rabin aikin ma kyauta ne. Sauke labule masu kauri, ki wanke gilashin taga ciki da waje, ki janye duk wata kujera ko kabad da ta tare taga. Ki kwance murfin fitilun silin ki wanke, za ki sha mamakin ƙura da matattun ƙwarin da suka taru a ciki suna cinye haske. Sai a zo kan kwan fitila. Lambobi biyu za ki duba a jikin kwali. Na farko shi ne lumen, wato yawan hasken da kwan yake bayarwa. Kwan LED mai wat 9 yana ba da kusan lumen 800, daidai da tsohon kwai mai wat 60. Falo mai mita 4 da mita 5, wato murabba'in mita 20, yana son kusan lumen 3,000 kafin ya yi kyan gani, kimanin ƙwai huɗu ke nan. Kuma gara huɗun a rarrabe, biyu a sama, biyu a kusurwoyi, da a ce ƙato ɗaya ne a tsakiya yana jefa inuwa ko'ina.

Lamba ta biyu ita ce mai harafin K a ƙarshe, ita ke faɗin launin hasken. 2700K zuwa 3000K yana da ɗan ruwan ɗorawa, mai kwantar da ido, ya dace da falo da ɗakunan kwana. 4000K fari ne sosai, ya dace da kicin da banɗaki. 6500K yana ɗaukar shuɗi-shuɗi, yana mai da falo kamar ɗakin asibiti. Kuskuren da na fi gani shi ne gauraya su a ɗaki ɗaya: kwai ɗaya ja-ja, na kusa da shi fari fat. Mai saye ba lalle ya gane abin da ya dame shi ba, amma zai ji ɗakin bai kwanta masa ba, a hoto kuwa bango ɗaya sai ya fito da launi biyu.

Haske yana da iyakarsa. Bango mai duhu yana shanye yawancin hasken da ya faɗa masa, farin bango kuwa yana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari. Idan falonki kore ne mai duhu ko ruwan ƙasa, ko kin ninka ƙwai ba zai buɗe ba. Sannan haske ba ya rufa asiri. Duk tabon hannu, ramin ƙusa da tsagewa zai fito fili.

A nan fenti yake shigowa, kuma a nan kuɗi yake tafiya. Mu yi lissafi da falon nan dai. Kewayensa mita 18 ne, idan tsayin bango mita 3 ne, murabba'in mita 54 ke nan. Cire kamar 6 na ƙofofi da tagogi, saura 48. Lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafi ɗaya idan bangon sumul ne, kuma shafi biyu ake yi. Falo kaɗai zai ci kusan lita 10. Ɗakin kwana mai mita 4 da 4 zai ci kusan lita 8, uku ke nan lita 24, ga hanyar shiga, ga kicin. Gidan gaba ɗaya zai haura lita 40, ban da silin, ban da kuɗin mai fenti, wanda sau da yawa yakan kai kuɗin fentin ko ya wuce. Idan daga launi mai duhu za ki koma mai haske, ƙara shafi na uku a lissafi.

Shi ya sa ba na ba mai ƙaramin kuɗi shawarar fentin gida duka. Abin da yakan biyo baya shi ne a sayi mafi araha, a tsinka shi da ruwa don ya kai, a yi shafi ɗaya. Tsohon launi ya riƙa leƙowa, sawun buroshi ya fito, mai saye ya fara tunanin me ake ɓoyewa. Tsohon fenti mai tsafta ya fi wannan mutunci.

Bayan kin gyara hasken, ki zaga gidan da dare da dukan fitilu a kunne. Ki shafa tafin hannu a bango: idan ya fito da gari kamar alli, fentin ya mutu, kuma sai an goge garin nan kafin sabo ya kama. Idan bai yi gari ba, gwada tsumma da ruwan sabulu a kan tabon. Yawancin dattin da ke kewayen makunnin wuta da bakin ƙofa yana fita haka, kin tsira da kuɗin ɗaki guda.

Abu ɗaya da kada ki shafa wa fenti shi ne danshi. In kin ga fenti ya kumbura yana ɓarewa, ko farin abu kamar gishiri a ƙasan bango, manna leda a wurin, ki liƙe gefunanta huɗu, ki bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta taru a cikin ledar, ta ɓangaren bango, ruwa daga jikin ginin yake fitowa, sai an nemo tushensa, ko bututu ko rufi ko ƙasa. Idan a wajen ledar ta taru, ta ɓangaren ɗaki, iskar ɗakin ce mai laima, buɗe taga yana rage ta. Fenti a kan na farkon zai sake kumbura ba da daɗewa ba, ƙila ma kafin a gama ciniki, kuma ɓoye aibi ne ga mai saye. Ko ki gyara, ko ki faɗa masa ki rage a farashi.

Da ni ce ke, zan kasa kuɗin kashi goma. Biyu ga ƙwai da labule marasa nauyi. Shida ga fentin wurare uku kawai: ƙofar shiga, hanyar da ke kai mutum falo, da falon kansa, don su ne ake fara gani, su ne kuma hotunan farko. Launi ɗaya mai haske, fari mai ɗan ruwan madara, marar sheƙi, domin mai sheƙi yana nuna duk wani tudu da kwari na bango. Ki shafa ɗan gwaji a bango ki duba shi da rana da kuma dare ƙarƙashin sababbin ƙwan kafin ki sayi bokiti. Kashi ɗaya ga cike ramukan ƙusa, famfo mai ɗiga da hannun ƙofa mai girgiza. Na ƙarshen ki ajiye, wani abu zai ɓullo.

Ɗakunan kwana kuwa, wanki da rage kaya sun ishe su, sai dai idan wani yana da launi mai ƙarfi ko zanen yara. Ki bar kwana biyu zuwa uku tagogi a buɗe bayan fenti kafin ki kira kowa, warin ya fita. Hotuna kuma ki ɗauka da hantsi, labule a buɗe, ki tsaya a kusurwar ɗaki wayar tana daidai ƙirjinki.