OpenVPN ta TCP da ta UDP: me ya sa ɗaya ke sanɗa, kuma yaushe ne ita ce mafita

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Na kafa OpenVPN a wata sabar da na kama haya a Frankfurt. Na zaɓi TCP saboda na ji an ce ita ce ba ta zubar da saƙo. Amma da datar waya sai komai ya riƙa tsayawa yana tafiya, kiran WhatsApp yana yankewa. Da na koma UDP sai abin ya gyaru. Yaya mai zubar da saƙo za ta fi wadda ba ta zubarwa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji game da TCP gaskiya ne, kuma wannan halin nata mai kyau shi ne ya zame maka matsala a cikin bututun VPN.

Mu fara da abin da ke bi ta cikin bututun. Shafin da ka buɗe, fayil ɗin da kake saukewa, zaman SSH da kake aiki a kai, akasarinsu da TCP ɗinsu suke tafe tun daga wayarka ko kwamfutarka. Ita ce ke sa wa saƙo lamba, ta jira shaidar isarsa, ta sake turo abin da ya ɓace, ta rage gudu idan hanya ta cunkushe. Ke nan an riga an naɗa mai wannan aikin. Idan bututun na UDP ne, shi ɗaukar kaya kawai yake yi: ya rufe fakiti da sirri, ya wurga, ba ya waiwaya. Wanda ya ɓace, mai shi da ke ciki zai lura ya sake aikowa. Idan kuwa bututun na TCP ne, an sami masu tsaro biyu a kan kaya ɗaya, kowa da agogonsa, kuma babu wanda ya san da zaman ɗan'uwansa.

Ɗauki misalinka. A ce zuwa Frankfurt da dawowa milisakan 150 ne. Kana sauke fayil, kana kiran murya, kana kuma buga umarni a SSH, sai fakiti ɗaya na fayil ɗin ya ɓace tsakanin wayarka da eriyar kamfanin layi. A bututun UDP, fayil ɗin ne kaɗai zai ɗan dakata. Muryar ta wuce abinta, SSH ma haka, domin babu abin da ya haɗa su. A bututun TCP kuwa dukansu an zuba su a layi guda, kuma dokar TCP ita ce ba ta miƙa na baya sai na gaba ya iso. Fakitocin muryar sun riga sun sauka a wayarka, suna nan a ajiye, amma tsarin wayar ba zai miƙa wa OpenVPN su ba sai an sake turo wancan ɗayan da ya ɓace. Kamar tirela ce ta kafe a kan gada mai hannu ɗaya: mai babur da ke bayanta ba shi da laifi, amma dole ya jira. Mafi ƙarancin jiran ya kai kusan zuwa da dawowa ɗaya. Manhajojin kira kan aika guntun murya duk bayan 'yan milisakan, a ce 20, don haka a wannan ɗan lokacin guntaye bakwai ko takwas sun taru, su iso a dunƙule bayan lokacinsu ya wuce. Shi ne kake jin shiru, sai kuma maganar ta zubo a guje ko a yanke ta. Murya ta gwammace a rasa guntu ɗaya a ci gaba da a tsayar da ita ana jiransa.

Wannan a lokacin da abin ya zo da sauƙi ke nan. Inda ya fi muni shi ne idan sabis ya ɗauke na daƙiƙa ɗaya ko biyu, kamar yadda yake yi idan kana cikin mota waya tana sauya eriya, ko da yamma da jama'a suka yi wa eriya ɗaya yawa. TCP ta waje, wato ta bututun, ta sake turawa, ba amsa, sai ta ninka lokacin jiranta. In ta jira milisakan 400, na gaba 800 ne, na gabansa 1,600. An tsara ta haka da gangan don kada ta ƙara wa cunkoso nauyi. To amma TCP ta ciki ba ta san ana wannan ba. Ita dai ta ga shiru, agogonta ya cika, sai ta ɗauka saƙonta ya ɓace ta sake turo kwafinsa. Alhali bai ɓace ba, yana nan a layi cikin bututun. Kwafin ya hau layi a bayan na asali, kuma ta waje ta ɗauki alkawarin isar da duka biyun. Idan sabis ya dawo, ta waje tana iya kasancewa tana tsakiyar dogon jiranta, ba ta ma san hanya ta buɗe ba. Da ta farga, sai ta fara da kwashe tsofaffin kwafin da babu mai bukatarsu, kuma a hankali, domin ta riga ta rage gudunta ƙasa sosai. Katsewar daƙiƙa biyu ta zama tsaiko na daƙiƙoƙi masu yawa. Idan layin ya cika a ɓangaren sabar, za ka iya ganin wannan a rajistarta:

```
MULTI: packet dropped due to output saturation (multi_process_incoming_tun)
```

Ka ga ita ma ta ƙare da zubar da saƙon, bayan ta gama ɓata maka lokaci.

Akwai kuma batun gudu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Haɗin TCP guda ɗaya yana da iyakar abin da zai iya ja idan hanya tana da nisa kuma tana zubar da fakiti. Akwai sanannen ƙiyasi na TCP irin ta gargajiya:

```
gudu ≈ (MSS / RTT) × (1.22 / √p)
```

MSS shi ne girman fakiti, RTT lokacin zuwa da dawowa, p kuma kason fakitocin da ke ɓacewa. Sa fakiti mai bayit 1,400, zuwa da dawowa daƙiƙa 0.15, da ɓacewar fakiti ɗaya cikin ɗari, za ka samu ƙasa kaɗan da megabit ɗaya a daƙiƙa. Sababbin dabarun sarrafa cunkoso suna iya wuce wannan, amma darasin bai canja ba. A bututun UDP, kowane haɗi na ciki yana da nasa rabon, don haka haɗi shida za su iya jan kusan ninki shida idan layinka zai ɗauka. A bututun TCP, duk abin da ke wayar yana raba wannan guda ɗayan ne. Shi ya sa za ka ga alamar sabis a cike amma shafi yana rarrafe.

Rashin tsayuwar da kake gani ma yana da wani tushe. Haɗin TCP a ɗaure yake da adireshinka da lambar ƙofar da ka fito. Da zarar ka bar wayfai ka koma data, ko kamfanin layi ya sauya maka adireshi, haɗin ya mutu, sai an sake gaisawa daga farko. A UDP, tun daga OpenVPN 2.4 sabar tana gane abokin hulɗarta da wata lamba da ta ba shi, don haka yakan ci gaba da tafiya ko da adireshinsa ya canja.

Ba sai ka yarda da maganata ba, gwajin minti biyar ne. Ka haɗa, ka bar wannan yana gudu zuwa adireshin sabar na cikin bututu, sannan ka fara sauke babban fayil:

```
ping 10.8.0.1
```

A UDP za ka ga lokacin ya ɗan hau, jefi-jefi amsa ɗaya ta ɓace. A TCP da wuya ka ga ta ɓace, amma lokacin zai yi tsalle zuwa daƙiƙa ɗaya ko fiye, sannan amsoshi da yawa su faɗo tare. Wannan faɗowa a dunƙule ita ce alamar. A kan sabar, umarnin `ss -ti` zai nuna maka `rto`, wato lokacin jira kafin a sake turawa, da `retrans`, wato yawan sake turawa, na haɗin, ka ga yadda suke hawa.

Duk da haka ba na so a bar nan da cewa TCP ba ta da amfani. A layin faiba mai tsabta, inda fakiti ba ya ɓacewa, bambancin kaɗan ne, mutum zai iya shekara yana aiki bai lura ba. Kuma akwai wuraren da ita kaɗai ce ke wucewa. Wayfai na otal, na filin jirgi, na wasu makarantu da ofisoshi, sau da yawa an toshe komai sai ƙofofin buɗe shafuka. A can UDP a ƙofa 1194, wadda ita ce ƙofar OpenVPN ta asali, ba za ta ko gaisa da sabar ba. Za ka yi ta jira har ka ga:

```
TLS Error: TLS key negotiation failed to occur within 60 seconds
```

Wannan saƙon yana iya fitowa saboda wasu dalilan, amma idan saitin nan yana aiki a gida ya ƙi a otal, toshewa ce. TCP a ƙofa 443 takan wuce, domin ƙofar HTTPS ce, rufe ta daidai yake da rufe intanet ɗin. Haka nan idan ofis ya tilasta bi ta furoksi, umarnin `http-proxy` da TCP kaɗai yake aiki, babu zaɓi. Akwai kuma hanyoyin da ke barin UDP ta wuce amma suna shaƙe ta da gangan, a nan ma TCP tana iya fi. Sai dai kada ka ɗauka zama a 443 ya mayar da OpenVPN shafin yanar gizo. Na'urar da ke leƙa cikin fakiti tana iya bambanta su, katangar da ke duba lambar ƙofa kawai ake wucewa da wannan.

Wani abu da nake yawan gani yana tura mutane TCP ba gaira ba dalili: UDP ta haɗu, `ping` yana tafiya, ƙananan saƙonni suna wucewa, amma manyan shafuka su maƙale. Mutum ya koma TCP ya ga ya yi aiki, sai ya yanke hukuncin UDP ce ba ta da kyau. Yawanci girman fakiti ne. Bayan an ƙara masa rufin VPN ya fi ƙarfin hanyar, sai a jefar da shi a wani wuri shiru. TCP ta waje tana yanka kaya daidai hanyarta, shi ya sa ta ɓoye ciwon. Kafin ka gudu, gwada `mssfix 1300`, idan ya gyaru ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan har ka sami iyakar.

Ni abin da nake yi, kuma shi zan ba ka shawara, shi ne in kunna biyun a sabar, kowacce da fayil ɗin saitinta da rukunin adireshinta na ciki dabam, misali `10.8.0.0/24` da `10.9.0.0/24`. A fayil ɗin waya ko kwamfuta kuma in jera su haka:

```
remote vpn.example.com 1194 udp
remote vpn.example.com 443 tcp-client
connect-timeout 10
```

Manhajar OpenVPN za ta fara gwada ta sama, in ba amsa cikin daƙiƙa goma ta sauka ta biyu. Kada ka sa `remote-random`, zai hargitsa jerin. A saitin sabar ta TCP ka ƙara `tcp-nodelay`, wanda ke hana tara ƙananan fakitoci kafin a tura su. Za ka ji sauƙinsa a SSH, amma ba ya taɓa matsalar layi guda da agogo biyu. Ka kuma tuna cewa idan ta faɗa TCP a otal, tana iya ci gaba da zama a can muddin haɗin bai yanke ba, don haka idan ka fito ka kashe ka sake kunnawa, ka duba rajista ka tabbatar `UDP` ka gani a layin haɗin.