Kes mai 10Gbps da mai 20Gbps: wanne zai ƙara wa SSD ɗinka gudu?

Tambayar ɗan'uwa: "Salamu alaikum. Na sa SSD irin NVMe mai 3,500 MB/s a kes, na jona a ramin USB mai shuɗi na laftof, amma gudunsa bai wuce 430 MB/s ba. Laftof ɗin yana da ramin USB-C mai Thunderbolt 4. In sayi sabon kes mai 10Gbps ne, ko in ƙara kuɗi in ɗauki mai 20Gbps?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yi saurin sa hannu a aljihu, don mai yiwuwa kes ɗin da ke hannunka, wato ɗan akwatin da ake sa SSD a ciki don a jona shi ta USB, ba shi da laifi ko kaɗan. Lambar nan 430 ita kanta ta faɗi inda matsalar take.

Ramin da ka jona kusan tabbas mai 5Gbps ne, wato USB 3.0 na 2008. Shi ne aka sake wa suna USB 3.1 Gen 1, daga baya kuma USB 3.2 Gen 1, alhali gudun bai motsa ba. A wannan tsari, cikin kowane bit 10 da ke bin waya, 8 ne kawai bayananka. Saura 4Gbps ke nan, ka raba da 8 ka samu 500 MB/s, sannan saƙonnin da kwamfuta da kes suke yi wa juna su ci nasu kason. Abin da ke zuwa hannu bai cika wuce 400 zuwa 450 ba. Saboda haka ramin ya ba ka iya abin da yake da shi. Da a ce 35 ko 40 kake gani, sai mu ce ka faɗa USB 2.0, kuma galibi kebul ne ke jawo hakan: kebul ɗin cajin waya da yawa bakinsu USB-C ne, amma wayoyin USB 2.0 kaɗai ke cikinsu.

Shi SSD ɗinka ba ya jin yaren USB, da PCIe yake magana. Akwai ɗan ƙaramin cif a cikin kes da ke yin tafinta tsakaninsu, kuma shi ne ke yanke iyakar kes ɗin, ba ƙarfen jikinsa ko rubutun kwali ba. Idan aka jona, rami da kebul da cif suna daidaitawa ne a kan matakin da dukkansu suka sani. A nan kes biyun da kake tambaya suka rabu.

Mai 10Gbps yawanci za ka tarar da Realtek RTL9210 ko RTL9210B, ko JMicron JMS583, ko ASMedia ASM2362 a cikinsa. Layi biyu na PCIe 3.0 suke kama SSD da shi, su fitar ta USB 3.2 Gen 2. Wannan matakin ba shi da ɓarnar na baya, bit 128 cikin 132 bayanai ne, shi ya sa a aikace ake samun kusan 1,000 MB/s. Ramin Thunderbolt 4 kuwa ya san 10Gbps, babu tababa. RTL9210B yana da ƙarin alheri ɗaya: yana karɓar M.2 na SATA ma, sai dai shi SATA ko me ka yi masa yana tsayawa wajen 550 MB/s.

Mai 20Gbps kuma, wanda aka fi gani da cif ASM2364, ba wani layi mai ninki biyu yake da shi ba. Layi biyu ne masu 10Gbps yake tafiyarwa a lokaci guda cikin kebul na USB-C, abin da ake rubutawa Gen 2x2. In ramin ya san wannan salon, za ka ga kusan 2,000 MB/s. To ga inda mutane ke asarar kuɗi: ƙa'idar Thunderbolt 4 ba ta tilasta wa masu ƙera laftof su sa Gen 2x2 ba, duk da 40Gbps da aka rubuta a kanta, kuma da yawa ba su sa ba. Kwamfutocin Mac ma haka suke yi da irin wannan kes. Sai ka jona, ya koma layi ɗaya, ya ba ka 1,000 daidai da na mai 10Gbps. An fi samun ramin 2x2 a bayan manyan kwamfutocin tebur. Ka duba takardar bayanin laftof ɗinka. In ba a rubuta Gen 2x2 ko 20Gbps ƙarara ba, ka ɗauka babu.

Mu auna da fayil guda mai 100 GB. A 430 MB/s zai ɗauki kusan minti 4. A 1,000 zai ɗauki minti 1 da daƙiƙa 40. A 2,000 daƙiƙa 50. A kan laftof irin naka, in babu 2x2, kes ɗin biyu duk a minti 1 da daƙiƙa 40 za su tsaya. A USB 2.0 kuwa fiye da minti 40 za ka zauna jira. Wannan lissafin na babban fayil ne guda. Dubban ƙananan hotuna ba za su kai ko kusa ba a kowane kes. Haka nan in ka ga ya fara da 1,000 sai ya faɗo a tsakiya, ba USB ba ne. Ko dai ma'ajiyar wucin gadi ta SSD ta cika, ko zafi ya sa ya rage gudu, musamman in ba a manna ɗan robar da ke kai zafi jikin kes ba.

Abin da zan so ka fara yi yau: ka ɗauko kebul na C zuwa C da ya zo tare da kes ɗinka, ko wani gajere mai alamar 10Gbps, ka jona a ramin Thunderbolt, ka sake gwadawa da manhajar auna gudu ta CrystalDiskMark ka dubi layin farko. In Linux kake amfani da shi:

```
lsusb -t
lsusb
```

Umarni na farko zai nuna 480M, 5000M ko 10000M a ƙarshen layin kes ɗin, wato matakin da aka daidaita a kai. Ka kuma duba ko an rubuta `Driver=uas`. In `usb-storage` ka gani, tsohon salo ne mai aika umarni ɗaya ya jira amsa, kuma yana rage gudu. Na biyu zai tona maka mai cif ɗin: 0bda na Realtek ne, 152d na JMicron, 174c na ASMedia. A Windows, ka buɗe Device Manager, ƙarƙashin Storage controllers ka nemi USB Attached SCSI (UAS) Mass Storage Device.

In gudu ya tashi zuwa 900 ko 1,000, magana ta ƙare, kes ɗinka dama mai 10Gbps ne, ka riƙe kuɗinka. In ya tsaya a 430, canza kebul ka sake gwadawa kafin ka ɗora wa kes laifi. In har sai ka saya, ni mai 10Gbps zan ce ka ɗauka. Ranar da 1,000 ta yi maka kaɗan, tsallake mai 20 ɗin gaba ɗaya ka nemi kes na USB4 mai cif ASM2464PD ko na Thunderbolt. Su suna wuce da PCIe kai tsaye ta ramin da kake da shi, kuma a nan ne SSD ɗinka zai kusanci 3,000 MB/s. Sai dai suna ɗaukar zafi sosai, don haka ka zaɓi mai jikin ƙarfe mai kauri ko mai fanka.